Yadda ake amsa tambayar kurbun Lorenz da lissafin Gini ba tare da kai ya ɗau zafi ba

Wani ƙanena da ke karatun tattalin arziki a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya turo min hoton kayensa cikin dare, wai tambaya guda ce ta hana shi barci: an zana layi biyu masu lanƙwasa, an ce wanne ne ya fi nuna rashin daidaito, kuma a fitar da lambar Gini. To abin da na faɗa masa shi ne zan zuba muku nan.

Ku ɗauki zanen kamar baka da tsarkiya. Miƙaƙƙen layin nan da ya tashi daga kusurwar ƙasa ta hagu ya haye kusurwar sama ta dama shi ne tsarkiya, ma'anarsa kowa samunsa ɗaya, kashi 20 cikin ɗari na mutane suna da kashi 20 na kuɗi, rabi suna da rabi. Layin da ya yi ciki a ƙarƙashinsa shi ne bakan, wato kurbun Lorenz, sunan wani Ba'amurke Max Lorenz da ya fito da shi a 1905. Lambar kuma ta Corrado Gini ce, mutumin Italiya, a 1912.

Mu yi da misali, na ƙirƙira ne don lissafi ya zo da sauƙi. Gida biyar a wata unguwa a Tawa, abin da ke shigo musu a wata: jaka 100, jaka 20, jaka 300, jaka 50, jaka 30.

Abu na farko, kuma wallahi nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara, a jera su daga ƙarami zuwa babba. 20, 30, 50, 100, 300. In ka bar su yadda aka ba ka su layinka zai riƙa hawa yana karyewa, wani lokaci har ya tsallake tsarkiyar, kuma kurbun Lorenz na gaskiya ba ya taɓa hayewa samanta. Duk sadda ka ga naka ya haye to koma ka duba jerin.

Sai a haɗa jimla, jaka 500 ke nan, a fitar da kason kowane gida cikin ɗari: 4, 6, 10, 20, 60. Bayan nan sai tarawa, ana ɗora kowane kaso a kan na baya: 4, sai 10, sai 20, sai 40, sai 100. In na ƙarshe bai faɗo 100 ba akwai kuskure a wani wuri. Gidajen ma haka ake tara su, tunda biyar ne kowanne kashi 20 ne: 20, 40, 60, 80, 100. Mutane a layin kwance, kuɗi a layin tsaye, kar a juya. Ka ɗiga ɗigonka tun daga sifili ka haɗa su da bik.

Yanzu karanta zanen. A kan 80 na mutane kurbun yana kan 40, wato gida huɗu cikin biyar kashi 40 kawai ke hannunsu, sauran 60 na gida ɗaya ne. Ba wai gida na huɗu ne ke da kashi 40 ba, a'a, shi da duk na ƙasansa ne. Mushe na son kama ɗalibai da wannan sosai.

Sai Gini. Filin da ke tsakanin tsarkiya da baka a kira shi A, filin da ke ƙarƙashin bakan B. Duka biyun sun yi rabin murabba'i, wato 0,5, shi ya sa:

```
G = A / (A + B) = 1 - 2B
```

B ake nema, kuma ba sai an wahala ba. Kowane yanki tsakanin ɗigo biyu faɗinsa 0,2 ne, sai a haɗa tsayin hagu da na dama, a raba biyu, a ninka da faɗin. Tunda faɗin duk ɗaya ne a haɗa tsayin gaba ɗaya tukuna:

```
0,04 + 0,14 + 0,30 + 0,60 + 1,40 = 2,48
B = 2,48 × 0,2 / 2 = 0,248
G = 1 - 0,496 = 0,504
```

Wannan 0,04 na farko sifili ne da 0,04, kar ku manta da shi, 0,14 kuma 0,04 ne da 0,10, haka har ƙarshe. In kun samu lamba ƙasa da sifili ko sama da 1, galibi kun cakuɗa 40 da 0,40 ne a lissafi guda. Wasu littattafan na rubuta 50,4 maimakon 0,504, duk abu ɗaya ne.

To me bakan da ya fi lanƙwasa ke faɗa maka? Gwada ka gani. A ce mai jaka 300 ya ɗauki 50 ya ba mai jaka 20. Yanzu mai jaka 20 ɗin ya koma 70, ya tashi daga na farko a jerin ya zama na tsakiya, dole a sake jeri: 30, 50, 70, 100, 250. Tarin ya zama 6, 16, 30, 50, 100, B ya tashi zuwa 0,304, Gini ya sauko 0,392. Bakan ya matso kusa da tsarkiya. Saboda haka wanda cikinsa ya fi nisa da tsarkiya, A ɗinsa ya fi girma, Gini ɗinsa ya fi kusa da 1, na ƙasa suna riƙe da kaso ƙarami. Amsar ke nan da ake so a jarabawa, amma ka sa lamba daga zanen, ka ce gida uku na ƙasa kashi 20 gare su a na farko, 30 a na biyu.

Abin da ba ya faɗa maka shi ne wa ya fi talauci, kuma ni a ganina nan ne tambayar take da daɗi. Ninka kuɗin gidajen nan biyar sau goma, kaso bai motsa ba, Gini na nan 0,504. Shi ya sa Afirka ta Kudu, da lambarta ta haura 0,6, ta fi Nijar rashin daidaito nesa ba kusa ba, tamu tana tsakanin 0,3 da 0,4, amma ba wanda zai ce mun fi su kuɗi. Ƙauyen da kowa buhun hatsi ɗaya ya rage masa Gini ɗinsa sifili ne.

Sai kuma in layukan biyu suka gitta juna. Ga gari ɗaya, rabin mutane ba su da ko dala, sauran rabin sun raba komai daidai, Gini 0,5. Ga wani garin, kashi 75 na mutane sun raba kashi 25 na kuɗi, kashi 25 sun raba 75, shi ma 0,5. Lamba ɗaya, rayuwa daban. In aka ba ku irin wannan kar ku zaɓi ɗaya kai tsaye, ku ce a ɓangaren ƙasa garin farko ya fi nisa da tsarkiya, a ɓangaren sama na biyu ne.

Ku duba kan tablon da aka zana kowane layi daga shi kuma, kuɗin shiga aka auna ko abin da gida ke kashewa. A ƙasashe irin namu binciken gidaje ya fi auna abin da ake ci da kashewa, don manomi a Adar ba shi da albashin wata, kuma wannan ma'aunin yakan ba da Gini ƙarami tunda mai kuɗi ba ya cinye duk abin da ya samu. Ƙanen nawa da ya koma ya duba, ashe tablo ɗaya na samu ne ɗayan na kashewa, abin da mushen yake so a gano ke nan tun farko.