Idan babu halin ƙarin albashi, ku gyara yadda kuke yabo

Jama'a masu riƙe da ma'aikata, shawara ce zan bayar. Idan babu kuɗin ƙarin albashi ku faɗa musu gaskiya tun farko, kar ku ce "sai wata mai zuwa" alhali kun san babu, wannan shi ke kashe gwiwa.

Sannan yabo ba "sannu da ƙoƙari" kawai bane. A ce mai kula da sito ta gano kuskuren lissafi kafin kaya su fita, to a satin nan za ka kira sunanta a mitin ka faɗi abin da ta yi da asarar da ta hana, amma ka fara tambayarta don wasu basa son yabo a gaban mutane. Daga nan ka bata abin da zata ƙaru dashi, ta riƙa zama da akanta awa biyu duk sati tana koyon haɗa rahoto, kuma a rubuta mata a fayil.

Inda ake kuskure shine a jibga wa mutum ƙarin aiki a ce horarwa ce. Idan ka ga ya daina kawo shawara a mitin, to nauyi ka ƙara masa, ka rage wani abu daga tsohon aikinsa.