Wasan tsallaka titi: kowane yaro da jimlarsa

Malamai 'yan'uwa, ga yadda na tsara wa 'yan aji biyu su 30 a Zariya wasan minti biyar. Na zana titi da alli a tsakar makaranta. Yara 10 suka zama motoci, babura da A Daidaita Sahu, 5 iyaye, 3 jami'an hanya, 12 'yan makaranta. Kowa jimla ɗaya tak.

Uwa: Riƙe hannuna, Ladi.
Ladi: Na duba hagu, dama, hagu kuma.
Ɗan acaɓa: Na rage gudu!
Jami'i: To, ku tsallaka, ban da gudu.

Hagu ake fara dubawa, domin a Najeriya ta dama ake tuƙi, motar da ta fi kusa da yaro daga hagunsa take ɓullowa. Masu rikita hagu da dama, na ɗaura musu jan zare a hannun hagu.