Yadda ake duba iPhone ta hannu kafin a biya kuɗi

Ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano za ka saya ko a hannun wani a unguwa, kar kuɗinka ya fita sai an goge wayar tas a gabanka ta sake tashi. Amma akwai abin dubawa kafin a kai nan.

Fara da danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai lamba 15 za ta fito. Gwada ta da ta jikin kwali in akwai kwalin, in sun saɓa to kwalin aro ne.

Sai ka shiga Settings > General > About ka gangara wajen Carrier Lock. Abin da kake so ka gani shi ne No SIM restrictions, in ba haka ba wayar ɗaure take da layin wani kamfani na waje. Duk da haka saka layinka ka kira wani, kar ka yarda da "ai tana ɗauka oga".

Batir kuma yana Settings > Battery > Battery Health, ka duba Maximum Capacity. Ƙasa da 80% batir ya gaji, sai a rage maka kuɗin sabo. Ni 100% ma ta fi ba ni tsoro. Misali iPhone 11, tun 2019 ta fito, in ta nuna 100% to ko an canja batir ko masu gyara sun ɗaga lambar da na'ura. Koma About ka nemi Parts and Service History, in an rubuta Unknown Part mai yiwuwa batirin ba na kamfani ba ne. Sannan ka ƙure hasken fuska ka ɗau bidiyo na minti goma kana kallon caji, batirin da aka yi wa kwaskwarima zuba yake yi kamar rariya, bayan wayar kuma ya ɗau zafi.

Yanzu babban aikin. Mai wayar ya fita daga asusun iCloud ɗinsa da hannunsa, sannan a shiga General > Transfer or Reset iPhone > Erase All Content and Settings. Dalili kuwa, wayar sata akan yi mata dabara a tsallake makullin, tana aiki lafiya lau har ranar da ka goge ta, sai ta tsaya a iPhone Locked to Owner tana neman kalmar sirrin mai ita na asali, shi ke nan kuɗinka ya tafi. Don haka haɗa ta da intanet ka bi saitin har ka shiga ciki ka saka naka asusun.

In ya fara cewa ta ƙaninsa ce ya manta fasuwod, ko sauri yake, ga farashi ya yi arha fiye da kima, miƙa masa abarsa ka tafi, domin in 'yan sanda suka bi sawun IMEI hannun da suka tarar da ita suke fara kamawa. In komai ya yi daidai, ya rubuta maka rasit mai IMEI ɗin, da sunan shago da lambar wayarsa.