Wasiƙa ga ɗalibina kan borrow da lend

Ɗalibina, ga dabarar a taƙaice: kafin ka rubuta, duba hannun wa kayan zai shiga.
In mai yin aikin a jimlar shi zai karɓa, borrow ne. In shi zai bayar, lend ne.

Na ga ka rubuta "borrow me your pen" a jarrabawa, wallahi raina bai so ba don maki biyu ka rasa a banza. Amma na san inda matsalar take, mu a Hausa kalma ɗaya muke juyawa, na ari biro, na ara masa biro, shi ya sa kake haɗe su.

To ka fara faɗin jimlar da Hausa a zuciyarka.
In ka ji "ara mini" ko "ara masa", sa lend: "lend me your pen".
In ka ji "na ara a wurin wane", sa borrow da from: "I borrowed it from him".

Inda dabarar ke ba da matsala shi ne "aro mini littafi a laburare". Akwai "mini" a ciki amma aikenka aka yi ka karɓo, don haka "borrow a book for me" ne.

Kuma lend in ya wuce lent ake rubutawa, kar ka ƙara masa ed.

Malaminka