Yadda Ake Tsara Jumlar Matsaya Kan Giɓin Arziki da Dimokuraɗiyya

Jumlar matsaya ita ce amsar da maƙalarka ke karewa, cikin jumla ɗaya a ƙarshen gabatarwa.

1. Fara da ƙayyade ma'anar shiga siyasa. Jefa ƙuri'a daban, bayar da kuɗin kamfe daban, zanga-zanga daban. Zaɓi ɗaya, domin giɓin arziki ba ya taɓa su iri ɗaya.

2. Faɗi ma'aunin giɓin: kuɗin shiga ne ko tarin dukiya? In da ma'aunin Gini za ka yi aiki, ka tuna rabon kuɗi yake nunawa daga 0 zuwa 1. Ba talauci yake aunawa ba. Ɗalibai kan haɗa biyun, hujjar ta karkace.

3. Ɗaure matsayar da "saboda". A nan ne aikin yake. "Rashin daidaito na cutar da dimokuraɗiyya" ba ta faɗi ta yaya ba, ko a ina. Duba wannan: "A Amurka, faɗaɗar giɓin kuɗin shiga tun daga 1980 ta raunana fitowar masu ƙaramin ƙarfi zaɓe, saboda 'yan takara sun karkata ga masu ba su kuɗi, talaka kuwa ya daina ganin amfanin ƙuri'arsa." Ga wuri, ga lokaci, ga sanadi, kuma kowanne na buƙatar hujja a cikin maƙalar.

4. Juya jumlar. Mai hankali zai iya cewa giɓin fusata talakawa yake yi har su fito, ko kuwa bambancin ilimi ne sanadin? In zai iya, matsayarka ta cancanci muhawara. In ba wanda zai musa, bayani ka rubuta, sai ka koma mataki na 3.