Yadda ake rubuta tallan asibitin haƙori wanda zai rage wa mutane tsoro

Mafi yawan tallan asibitin haƙori da nake gani a WhatsApp nan Garwa, da waɗanda ake turowa daga Marwa da Ngawundare, iri ɗaya ne: hoton baki a wangale duk jini, gefe ga awartaki da allura jere a faranti, sannan a rubuta kayan aikinmu na zamani ne. Wallahi wanda yake kwana yana juyi da ciwon haƙori in ya ga wannan sai ya koma ya cusa kanumfari a kogon ya ce gobe, wasu ma har ruwan batir suke ɗigawa su ƙona dasashinsu. In an ba ka aikin rubuta tallan, ga yadda za ka bi.

Da farko kar ka taɓa rubutu sai ka je asibitin ka zauna da mai karɓar mutane a bakin ƙofa, ita ta fi kowa sanin abin da ake tambaya cikin raɗa. Za ka ji kusan abu huɗu ne ke ta maimaituwa: allurar nan da zafi? Da na zo cirewa za a yi? Nawa zan kashe? Sai kuma maganar da ta yaɗu cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, wadda ba gaskiya ba ce. Tallanka amsar waɗannan ne kawai. Sunan inji da ƙasar da aka sayo shi ba su dami mai ciwo ba.

Na biyu, ka zauna da dokita ya faɗa maka abin da ke faruwa tun daga shigowa har fita, ka rubuta shi a jere yadda yake. Nan ne aikin yake, sabida tsoron nan rabinsa rashin sanin abin da za a yi maka ne bayan ka kwanta a kujera ka buɗe baki ba ka iya magana. Ka tambaye shi ko ranar farko dubawa ce kawai, ko yana shafa maganin da ke kashe wurin kafin allura, ko in mutum ya ɗaga hannu yana tsayawa. Abin da ya ce yana yi shi za ka sa, wanda ba ya yi ka bar shi ko da zai yi daɗin karatu.

Akwai jimla ɗaya da nake roƙon ka kar ka rubuta: babu zafi ko kaɗan. Allurar kashe zafi ana jin tsininta na ɗan lokaci, bayan minti kaɗan wurin ya mutu, leɓe ya yi nauyi kamar ba naka ba, ya ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya sake. Lokacin aiki mutum zai ji ana dannawa ana girgizawa, zai ji ƙarar inji, zafin ne ba zai ji ba. Kuma haƙorin da ya riga ya yi ruwa ya kumbura wani lokaci allurar ba ta kama shi da kyau, sai an ƙara ko a fara magance kumburin. To in ka yi alkawarin babu komai, uwa ta kawo ɗanta ya ji tsinin allura ya fasa ihu, ta gama da ku, kuma a gidan suna za ta ba da labarin. Gwamma ka faɗi ɗan zafin da bakinka ka faɗi iyakarsa.

Ga misali. A ce ƙaramin asibiti ne, dokita ɗaya da mataimakiya, sun kawo maka wannan: “Muna cire haƙori ba tare da ciwo ba, da sababbin na'urori, farashi mai rahusa, ku garzayo.” Kalmar farko da mai tsoro ya gani cirewa ce, ga alkawarin da ba zai cika ba, ga rahusa da ba a san nawa ba. Ni ga yadda zan mayar da shi:

“Haƙori na hana ka barci? Zo mu duba tukuna. Ranar farko dokita zai kalli haƙorin, ya faɗa maka abin da ya gani da kuɗin aikin, ba za a taɓa komai ba sai ka yarda. Ba kowane haƙori ake cirewa ba, da yawa ciko ake yi musu in an zo da wuri. In aiki ya kama, ana kashe wurin da allura, za ka ji ɗan tsini sannan wurin ya mutu. Ka ɗaga hannu, mu tsaya. Allura sabuwa ce ga kowa, a gabanka ake buɗe ta. Kuɗin dubawa sefa 2,000. Kana iya zuwa da ɗan'uwanka ya zauna kusa da kai.”

Wannan 2,000 ɗin misali ne, ka sa ainihin kuɗinsu, amma ka sa shi da lamba. Mutum da yawa ba allura yake gudu ba, kunyar a kira masa kuɗin da ba shi da shi a gaban jama'a yake gudu, shi ya sa yake tafiya wurin mai cirewa a kasuwa wanda zai yi ciniki da shi. Maganar sabuwar allura ma kar ka raina ta, mutane suna tsoron ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau ta kayan aiki kuma tsoronsu na kan hanya. In asibitin na da tukunyar turara kaya, wadda ke kai zafi digiri 121 ko 134, ka ce ana turara kayan ƙarfe bayan kowane mutum, ya isa.

Sai harshe. Kar ka yi faɗa. Irin su me ya sa kuka bari haƙoranku suka ruɓe, ko hoton haƙoran mai cin goro an sa alamar ja, wannan kora ce. Dattijon da ya shekara goma bai je ba ya san ya makara, abin da yake so ya ji shi ne Baba ka zo yadda kake, ba mai yi maka dariya. In akwai mace a cikin ma'aikata ka faɗa, akwai matan da wannan kaɗai suke jira su ji. Hoto kuwa ka sa fuskar dokita ba tare da takunkumi ba, ko ɗakin jira, kuma kar ka sa hoton majinyaci sai da izininsa.

Nan yankin namu rubutun Faransanci kaɗai ba zai kai ba. Ka sa dokita ko mataimakiyarsa su karanta shi da murya, a natse, ƙasa da minti ɗaya, ɗaya da Hausa ɗaya da Fulatanci, sabida murya ce ake turawa iyaye mata. Ka ƙara kwatance irin namu, kusa da wane masallaci ko wace kasuwa, yadda ɗan mashin zai gane, da lokutan buɗewa.

Layi ɗaya ne ban yarda a sassauta shi ba, ka ware shi a ƙasa: in fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, a zo yau ɗin nan, in dare ne a wuce babban asibiti.

Kafin ka saki, dokita ya karanta ya amince, don ƙungiyar likitocin haƙori tana da ƙa'idojinta kan talla, kuma kalmomi irin mun fi kowa ko warkewa tabbas za su iya ja masa matsala. Daga nan ka karanta wa mutum biyu da ka san suna tsoron zuwa, ka tambaye su me za a yi maka ranar farko. In suka ce cirewa, ka koma ka gyara layukan sama. Bayan an saki, mai karɓar mutane ta riƙa tambayar sababbin zuwa a ina suka ji, ta kuma rubuta tambayar da har yanzu suke yi a bakin ƙofa, ita za ka amsa a talla na gaba.