Yadda ake ɗinke ƙarshen bidiyo da farkonsa

A TikTok da Reels da Shorts, bidiyo na ƙarewa yake komawa farko da kansa. Idan mai kallo bai ji wurin ɗinkin ba, sai ya yi nisa a zagaye na biyu kafin ya farga. Bari mu gwada da bidiyon suyar ƙosai na daƙiƙa 20.

Fara da rubuta jimla ɗaya da za ta rabu biyu: “Abin da ke sa ƙosai ya tashi shi ne bugun ƙullu, ba yawan mai ba.” Rabin baya, wato daga “bugun ƙullu”, shi zai buɗe bidiyon, rabin farko kuma ya rufe shi. Ka tabbata mabuɗin yana da ma'ana shi kaɗai, domin yawancin mutane da shi za su fara cin karo.

Sai ɗauka, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Faɗi jimlar gaba ɗaya da numfashi guda, a ɗauka guda. In ka ɗauki rabi yanzu, rabi bayan ka gama suya, muryarka za ta sauka a ƙarshe kamar mai sallama, hasken rana ya sauya, wataƙila ma maƙwabci ya tada janareta. Kunne na kama wannan tun kafin ido. Kafa wayar a wuri guda, kada ta motsa, kuma hannunka ya kasance yana cikin buga ƙullun yayin da kake magana, don yankan da ya faɗo a tsakiyar motsi ya fi ɓuya.

A CapCut, manhajar gyaran bidiyo, kai layin da ke nuna inda kake daidai bayan “shi ne”, ka danna Split. Ja guntun farko zuwa can ƙarshe, bayan hoton ƙosai yana fitowa daga mai. Goge tambarin da manhajar ke liƙawa a ƙarshe. Kada ka sa Fade out, kada ka ce “sai mun haɗu”. Ni kiɗa ma cire shi nake yi, sai in na iya yanke shi daidai kan bugun kiɗan.

Kafin ka ɗora, fitar da bidiyon, ka jera shi sau 3 a sabon aiki, ka saurara ido rufe. In ka ji ɗan shiru tsakanin “shi ne” da “bugun”, rage firam 2 ko 3, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, daga wutsiyar. A bidiyo mai firam 30 a daƙiƙa, firam 3 kashi ɗaya cikin goma ne na daƙiƙa, amma ana jin sa.

Bayan kwana biyu duba YouTube Studio. Idan Average percentage viewed, wato matsakaicin kason bidiyon da ake kalla, ya haura 100%, ana maimaita kallo. Idan kuwa mutane na ficewa tun a daƙiƙa ta 5, ba su ma isa wurin ɗinkin ba, mabuɗin za ka sake.